Saiti Uku da Saiti Shida: Yadda Ayaba Ta Rasa Iri, Alkamar Burodi Ta Riƙe Nata

Idan aka tsaga ayaba a tsaye za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere a tsakiyarta. Waɗannan ƙwayayen fure ne da suka tsaya a hanya, ba su kai ga zama iri ba. Ayabar daji da ke kudu maso gabashin Asiya ba haka take ba. Cikinta cunkushe yake da 'ya'ya baƙaƙe masu tauri kamar tsakuwa, naman da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne. Alkama kuwa irin nata shi ne abincin, kowace tsaba iri ce da za ta tsiro in an shuka ta. Duk da wannan bambanci, tsirran biyu abu guda ya same su: kowannensu yana ɗauke da kuromosom fiye da na kakanninsa. Masana na kiran wannan hali folifuloidi. Abin da za mu bi diddigi a nan shi ne yadda ƙari iri ɗaya ya hana ɗaya haihuwa, ya bar ɗayar tana haihuwa lafiya lau. Amsar tana wani mataki da dukansu suka taka, wato matakin saiti uku. Ayaba a nan ta tsaya, alkama ta wuce.

Ƙidaya tukuna

Jikin kowane tsiro an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake kira sel. A cikin kowane sel akwai zarurruka da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, su ne kuromosom. Ba a warwatse suke ba, saiti-saiti suke zuwa, kuma saiti ɗaya shi ne cikakken kundin umarnin gina tsiron. A dangin ayaba saiti ɗaya kuromosom 11 ne, a dangin alkama 7 ne. Abin da aka saba shi ne saiti biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saboda haka ayabar daji, Musa acuminata, tana da 22, ana rubuta ta AA. 'Yar'uwarta Musa balbisiana ita ma 22 gare ta, ana rubuta ta BB. Ayabar Cavendish, wadda ita ce ta cika kasuwannin duniya, tana da 33: saiti uku ne na acuminata, AAA. Agada ma 33 ce, sai dai nata haɗin AAB ne.

A ɓangaren alkama, wani masani ɗan Japan mai suna Tetsu Sakamura ya ƙirga a shekarar 1918 ya tarar da gidaje uku: masu 14, masu 28, da masu 42. Alkamar taliya tana cikin masu 28, AABB. Alkamar burodi, Triticum aestivum, ita ce mai 42, AABBDD. Haruffan alkama ba su da alaƙa da na ayaba, kowane dangi da nasa laƙabi.

Inda lissafi ke ƙin fita

Sel ɗin ganye ko na saiwa bai damu da yawan saiti ba. Idan zai rabu, yana kwafe kowane kuromosom ne ya ba kowane ɓangare kwafi ɗaya, ko 22 ne ko 33 ne rabon zai fita daidai. Shi ya sa ayaba mai saiti uku take girma da ƙarfinta, ba abin da ya same ta a jiki.

Matsalar tana cikin fure. Kafin a yi garin fure da ƙwan fure sai an rage kuromosom zuwa rabi, don idan na uwa da na uba suka haɗu adadin ya koma yadda yake. Wannan rabo na musamman ana ce masa mayosis, kuma da ƙa'idarsa: kowane kuromosom zai nemo takwaransa su manne, su yi musayar ɗan yanki, sannan ɗaya ya tafi wannan gefe, ɗaya ya tafi wancan. Mai 22 zai yi tagwaye 11, kowane gefe ya tashi da cikakken saiti.

To a sa mai 33 a wannan layi. Kowane kuromosom yana da takwarori biyu, ba ɗaya ba. Ko dai su ukun su manne tare, ko biyu su manne su bar na uku shi kaɗai. Kowanne aka yi, rabon biyu da ɗaya ne: biyu can, ɗaya nan. Kuma kowace ƙungiya cikin 11 ɗin tana yanke nata hukunci ba ruwanta da saura. Sai ƙwan fure ya tashi da 15, ko 16, ko 18, wasu kuromosom bibbiyu, wasu ɗaiɗai. Illar ba ta rashin wani umarni ba ce, domin kowane umarni yana nan. Ta rashin daidaito ce: wasu ƙwayoyin gado suna aiki ninki biyu a kan abokan aikinsu, sai sel ɗin ya rikice ya mutu.

Ana iya lissafa yawan waɗanda za su tsira. Kafin ƙwai ya samu saiti ɗaya cif, sai duk ƙungiyoyi 11 sun aiko masa da ɗaiɗai. Yiwuwar hakan ita ce rabi sau rabi har sau 11, wato 1 cikin 2,048. Samun saiti biyu cif shi ma 1 cikin 2,048 ne. A haɗa su, ƙwai 1 cikin 1,024 ne kawai zai fito daidai. Garin fure ma haka, don haka idan ayabar za ta yi wa kanta barbara, haɗuwar lafiyayye da lafiyayye kusan 1 ce cikin miliyan. Wannan lissafin takarda ne, a gona abin ya fi haka tsanani, domin a yawancin ayabar da ake nomawa saitocin sun fito ne daga rassan acuminata dabam-dabam waɗanda wasu yankunan kuromosom ɗinsu suka sauya mazauni, ga kuma wasu cikas a cikin furen kansa. Amma tushen rashin haihuwar ke nan. Alfadari ma kusan hakan ne ya same shi: doki 64, jaki 62, shi kuma 63, rabo ya ƙi fita.

Kuskuren da ya kamata a gyara

An cika cewa saiti uku ne ya ba mu ayaba marar iri. Rabin magana ke nan, kuma rabin da aka bari shi ne ya fi nauyi. Rashin haihuwa kaɗai ba ya samar da abin ci. A ayabar daji, idan ba a yi barbara ba 'ya'yan itacen ba sa cika, sai su tsaya sirara su bushe, domin irin da ke girma ne yake aika sinadarin da ke sa nama ya taru. Da saiti uku ne kawai labarin, da abin da za a samu shi ne kan ayaba babu iri babu nama.

Abin da ya ceci lamarin wata ɗabi'a ce dabam da ta ɓullo a cikin Musa acuminata: nama ya riƙa cika da kansa ba tare da barbara ba. Wannan ɗabi'a gado ce, kuma ta riga saiti uku zuwa. Shaida ita ce har yau akwai ayaba mai saiti biyu, 22 cif, da ake ci ba iri, kamar ƙaramar nan mai zaƙi da ake kira Pisang Mas a Malesiya. Manoman farko, irin waɗanda aka samu alamun nomansu na kusan shekara 7,000 a fadamar Kuk da ke Nugini, su suka riƙa zaɓen masu nama da ƙarancin iri suna dasa 'ya'yan gindinsu. Daga baya, da aka yi ta yawo da waɗannan ayabobi daga tsibiri zuwa tsibiri suna haɗuwa da juna, aka samu masu ruɗaɗɗen mayosis da kan saki ƙwai wanda ba a rage ba, mai 22 maimakon 11. Irin wannan ƙwai ya gamu da garin fure mai 11, sai ga 33. Masu saiti ukun sun fi ƙarfi, 'ya'yansu sun fi girma, rashin irinsu ya fi tabbata ko da akwai garin fure a kusa, sai manoma suka fifita su.

Kankana marar iri tana nuna bambancin sarai. Ita ma 33 ce, an same ta daga haɗa mai 44 da mai 22. Amma ba ta da ɗabi'ar cika da kanta yadda ayaba take da ita, don haka dole a shuka kankana mai saiti biyu a cikin gonar don ƙudan zuma ya kai mata garin fure, in ba haka ba ba za ta yi 'ya'ya ba.

Alkama ma ta taɓa zama mai saiti uku

Tarihin alkamar burodi aure biyu ne. Na farko ya faru a daji tun shekaru dubu ɗaruruwa da suka wuce, tsakanin Triticum urartu, mai saitin A, da wata ciyawa dangin Aegilops speltoides, mai saitin B. Daga nan aka samu alkamar daji mai 28, wadda mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara nomawa kusan shekara 10,000 da suka wuce. Na biyun sai da noma ya kai wannan alkama gabas, wajen kudancin tekun Kasfiya, inda wata ciyawa mai 14, Aegilops tauschii, take fitowa a bakin gonaki. Ita ce mai saitin D. Hitoshi Kihara a Japan, da McFadden da Sears a Amurka, su suka tabbatar da haka a shekarun 1940. Shi ya sa babu alkamar burodi ta daji a ko'ina: a gona aka haife ta.

A duba abin da auren na biyu ya fara haifarwa. Uwa ta ba da 14, wato A da B. Uba ya ba da 7, wato D. Ɗan yana da 21, ABD. Saiti uku ke nan, kamar ayaba, kuma nasa ya fi muni, domin babu kuromosom ko ɗaya da yake da takwara. Idan kowane cikin 21 ɗin ya bi gefen da ya ga dama, yiwuwar ƙwai ya tattara su duka 1 ce cikin sama da miliyan biyu. Ga shi alkama ba ta da 'ya'yan gindi da za a yi ta dasawa shekara da shekaru. Shekara ɗaya take yi, in ba ta yi iri ba ta tafi ke nan.

Mafitar ta fito daga cikin matsalar kanta. Da yake ba wanda ya manne da wani, a wasu sel ɗin zagayen farko na rabon yakan rushe gaba ɗaya, kuromosom 21 su koma cikin gida ɗaya. Sai a samu ƙwai mai 21 da garin fure mai 21. Idan suka haɗu a zangarniya ɗaya, ga 42, kowane kuromosom ya samu takwaransa sak. Rashin haihuwa ya warke a tsara ɗaya.

Maimaita auren da hannu

Hanya mafi kyau ta gane wannan ita ce bin yadda masu kyautata iri suke sake yin sa a yau. Suna da dalili mai ƙarfi. Tsirran tauschii ƙalilan ne suka shiga auren na asali, saboda haka saitin D na duk alkamar burodin duniya kusan iri ɗaya ne, alhali ciyawar da ke daji tana da tarin ƙwayoyin gado na jure cuta da fari da ba su taɓa shigowa ba. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko ta ɗauki wannan aiki da gaske tun shekarun 1980.

Ana sa alkamar taliya ta zama uwa. Wahalar farko ita ce lokaci, domin tauschii takan buƙaci makonni na sanyi kafin ta yi fure, don haka ana shuka uwar kashi-kashi, mako bayan mako, don a samu wadda za ta dace da uban. Idan zangarniya ta fito amma jakunkunan garin furenta suna nan kore, sai a cire ƙananan furannin tsakiya a bar biyu na gefe a kowane gungu, a datse saman ƙaiƙayin da almakashi, a zare jakunkunan da matsefata. Uku ne a kowane fure, kuma sai an ƙirga su. A rufe zangarniyar da jakar takarda. Bayan kwana biyu zuwa huɗu, idan kan macen furen ya buɗe ya yi gashi-gashi, sai a kaɗa masa garin tauschii a sake rufewa.

A nan akwai alamar da ke yaudarar sabon hannu. Idan tsaba ta cika ta yi ɓul-ɓul, kada a yi murna tukuna, sau da yawa wata jaka ce aka manta, uwar ta yi wa kanta barbara, abin da aka samu alkamar taliya ce mai 28. Tsabar haɗin gaskiya yawanci a yamushe take. Dalilin shi ne guzurin da iri ke tara wa ɗan tayi, wato farin garin nan da muke niƙawa, ba ya ginuwa da kyau idan uwa da uba ba su yi daidai a yawan saiti ba. Idan aka bar ta ta bushe a kan zangarniya, ɗan tayin yakan mutu da yunwa. Saboda haka ana yanko ta tun tana ɗanya, wajen kwana 14 zuwa 18 bayan barbara, a wanke bayanta da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a ciro ɗan tayin ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɗora shi a kan daskararren abinci mai sukari da sinadaran gishiri a cikin kwalba. In an yi sauri da yawa ɗan tayin bai ƙosa ba, in an yi jinkiri ya riga ya lalace.

Tsiron da ya fito yana girma lafiya, amma 21 gare shi. Wani lokaci a kan yi sa'a, domin akwai nau'in alkamar taliya, kamar Langdon, da 'ya'yansu ke sakin ƙwai marar ragi da yawa har su yi iri da kansu, daidai yadda ya faru a bakin gonakin farko. Idan ba haka ba sai a koma ga kolcisin, sinadarin da ake samu daga tsiron Colchicum autumnale, wanda Blakeslee da Avery suka nuna a 1937 cewa yana ninka kuromosom. Aikinsa shi ne hana igiyoyin da ke jan kuromosom zuwa gefe biyu haɗuwa. Sel ya gama kwafi, ya rasa abin ja, sai kwafin biyu su zauna a ɗaki ɗaya, 21 ya koma 42.

Ana jira tsiron ya yi rassa uku zuwa huɗu daga gindi. A tuge shi, a wanke ƙasar, a datse saiwoyin su rage kamar santimita biyu zuwa uku. Ruwan maganin yakan kasance rabin giram zuwa giram ɗaya na kolcisin a lita guda, da sinadarin DMSO mililita 20 don ya taimaka masa ratsawa. A tsoma gindin har ya rufe wurin da rassa ke fitowa, domin nan ne sel ɗin da za su zama zangarniya suke. Ana barin sa kamar awa biyar cikin haske da ɗumin ɗaki, ana hura iska a cikin ruwan, domin maganin sel mai rabuwa kaɗai yake kamawa, tsiron da ya yi sanyi ya daina aiki ba abin da zai same shi. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai gudu na awoyi, a rage ganye, a mayar cikin tukunya a inuwa. Kolcisin guba ce mai tsanani ga mutum, kuma DMSO na shigar da ita ta fata, don haka safar hannu da tabarau ba abin sakaci ba ne.

Idan maganin ya kama, tsiron zai tsaya cik na mako ɗaya ko biyu, gindin ya kumbura, sababbin ganye su fito da kauri da duhu. In ya ci gaba da girma kamar ba a taɓa shi ba, maganin bai isa ba. In gindin ya yi laushi ya ruɓe, ya yi yawa. Ko an dace, ba duk jikin ke ninkuwa ba. Wani reshe 42, wani 21, wani lokaci ma gefe ɗaya na zangarniya ne kawai zai yi tsaba, kuma tsaba goma daga tsiro ɗaya ba ƙaramar nasara ba ce. Dole a rufe kowace zangarniya kafin ta buɗe. Idan garin alkamar burodi daga wani wuri ya faɗa kan ƙwai marar ragi, 21 da 21 zai ba da 42 shi ma, kuma ƙidaya ba za ta tona wannan gurɓatar ba.

Ƙidayar dai ba makawa. Ana jiƙa tsabar, a yanke kan saiwa idan ya kai santimita ɗaya zuwa biyu, a sa shi cikin ruwan ƙanƙara na awa 24 don kuromosom su gajarce su tsaya a fili, a kashe shi a cikin kashi uku na etanol da kashi ɗaya na asid ɗin asetik, a rina, a murƙushe a kan gilashi a ƙirga. Sel ɗaya bai isa ba, don kuromosom kan hau kan juna. A tsararrakin farko a kan samu masu 41 ko 43, sai a ware su.

Abin da aka samu a ƙarshe alkamar burodi ce a ƙidaya, amma ba ta noma ba ce. Doguwa ce, ƙaiƙayinta ya riƙe tsaba gam ba ya sussukuwa, gadon tauschii ke nan. Sai an haɗa ta da ingantaccen iri, a sake komawa kansa, kafin a tace alherin a bar sauran. Nan ma akwai tarko: idan ɗaya yana ɗauke da ƙwayar gadon Ne1, ɗayan kuma Ne2, 'ya'yan sukan fara rawaya daga tsofaffin ganye har su mutu. Duk da haka hanyar ta yi amfani. Irin Chuanmai 42 da aka saki a lardin Sicuwan na ƙasar Sin a 2003 daga irin wannan haɗi ya fito.

Me ya sa shida bai rikice ba

Kada a ɗauka adadi mai rabuwa biyu shi kaɗai ne sirrin. Saitocin A, B da D 'yan'uwa ne na kusa. Kuromosom na ɗaya a A yana kama da na ɗaya a B da na D ƙwarai, har suna iya mannewa. Da an bar su, da ƙungiyoyin huɗu da na shida za su yi ta samuwa, rabo ya karkace, haihuwa ta ragu. Abin da ke hana haka wani wuri ne a dogon hannun kuromosom 5B, wato na biyar a saitin B, ana kiransa Ph1, wanda Riley da Chapman a Ingila, da Sears da Okamoto a Amurka, suka gano a 1958. Yana tilasta kowa ya tsaya ga takwaransa na sak, sai a ga tagwaye 21 tsaf, kamar tsiro mai saiti biyu. Idan aka cire shi, nan take haɗin ya cakuɗe. Masu kyautata iri kan cire shi da gangan na tsara ɗaya ko biyu idan suna son wani yanki na ciyawar daji ya shige cikin kuromosom ɗin alkama, sannan su mayar da shi.

Burodin kuwa saitin D ne ya gyara shi. A kuromosom 1D akwai ƙwayoyin gado na manyan sinadaran gulutin da ke ba kwaɓi danƙo da jurewa, ya riƙe iskar yis ya kumbura ba tare da ya yage ba. A 5D kuma akwai waɗanda ke sassauta taurin tsaba har ta niƙu ta zama fulawa mai laushi. Alkamar taliya ba ta da su, shi ya sa tsabarta take da tauri kamar gilashi, tana fashewa ta zama tsaki. Ana yin burodi da ita a wasu ƙasashe, amma ba ya tashi kamar na mai 42. Sama da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da duniya ke nomawa yau mai saiti shida ce.

Komawa ga ayaba

Mai kyautata ayaba yana fama da matsalar da alkama ta tsallake. Tunda dasawa ake yi, duk gonar Cavendish tsiro ɗaya ne aka yi ta tsagawa, cutar da ta iya ɗaya ta iya duka. An ga haka a shekarun 1950, lokacin da cutar Fanama, wadda wani fangas na ƙasa mai toshe jijiyoyin ruwa ke haddasawa, ta share gonakin ayabar Gros Michel a yankin Amurka ta Tsakiya. Cavendish ta gaje ta ne don tana jure wancan nau'in cutar. Yanzu ga wani nau'in, TR4, da yake kama Cavendish ɗin, ya kai Mozambik a 2013, ya kai Kolombiya a 2019. Ƙwayoyin gadon juriya suna nan a cikin ayabar daji, amma shigar da su ta hanyar barbara sai an samu iri.

Dabarar ita ce a nemi ƙwai marar ragi, wannan da ya ceci alkama. Da sassafe, yayin da furannin mata ke buɗewa hannu bayan hannu, ana goga musu garin fure na uba mai saiti biyu da aka zaɓa don juriyarsa, a rufe kan da jaka. Bayan watanni a sare, a nunar, a murtsuke kowace ayaba ana laluben iri. A Gros Michel da wasu nau'in agada a kan samu ƙalilan a kai guda, wani kan ma babu ko ɗaya. Cavendish kuwa kusan ba ta bayarwa sam, kuma wannan ne ya sa gyara ta ta wannan hanya ya yi matuƙar wuya. Irin da aka samu ba a yarda a shuka shi a ƙasa ba, don kaɗan ne ke tsirowa. Ana fasa shi a ciro ɗan tayin a rene shi a kwalba.

'Ya'yan da ke fitowa gauraye ne: masu 22, masu 33, masu 44, da naƙasassu masu adadin da bai cika saiti ba, waɗanda tun a reno a kan gane su da tsumburewa da murɗaɗɗen ganye. Masu 44 ake nema, ƙwai mai 33 da gari mai 11, domin sun riƙe duk halin uwar sun ƙara da juriyar uban. Ayabar Goldfinger ta cibiyar binciken noma ta FHIA a Honduras irin wannan ce, AAAB. Sai dai mai saiti huɗu tana da aibi biyu. Ganyenta kan sunkuya, hannun ganyen ya yi rauni ga iska. Sannan rabonta yana fita, 22 da 22, don haka haihuwa ta dawo, in akwai garin fure a kusa za a iya cin karo da iri a cikin nama. Saboda haka ana ƙara taki ɗaya: a haɗa mai 44 da wani ingantaccen uba mai 22, ƙwai 22 da gari 11, a koma 33 da gangan. Kowane zagaye yana cin fiye da shekara.

Ko an samu 33 ɗin aiki bai ƙare ba, domin uban daji yana iya shigo da halinsa na rashin cika nama. Gwajin mai sauƙi ne. Ana rufe kan ayabar da jaka tun kafin furen farko ya buɗe, a hana shi garin fure gaba ɗaya. Idan 'ya'yan suka cika, tsiron ya gaji ɗabi'ar, sai a wuce da shi gwajin cuta da na ɗanɗano. Idan suka tsaya sirara da kusurwa-kusurwa, ɓawo ba nama, sai a tuge shi komai juriyarsa.